"A Duba Min" Ba Farashi Ba Ne: Yadda Ake Cinikin Albashi ta Imel

Masu aiki a sashen ɗaukar ma'aikata sun saba da wani irin saƙo. An tura wa mutum takardar tayin aiki ta imel, ya karanta, ya ga albashin bai kai yadda yake zato ba, sai ya zauna ya rubuta amsa. Zai fara da doguwar gaisuwa da godiya, ya ambaci tsadar rayuwa da nauyin iyali, daga ƙarshe ya rufe da cewa, "Ina roƙon a duba min, a ɗan ƙara wani abu idan da hali." Ta fuskar ladabi babu abin da za a ce wa wannan saƙo. Matsalarsa ita ce wanda ya karɓe shi bai san abin da zai yi da shi ba. Nawa ne "wani abu"? Naira 10,000 ne ko Naira 100,000? Tunda ba a faɗa ba, sai a mayar masa da amsa mai daɗi, a ce albashin daidai yake da tsarin ma'aikata, ko kuma a ɗora masa ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, ya karɓa yana ƙunƙuni.

Abin mamaki shi ne wannan mutumin, idan ka bi shi Kantin Kwari ko Kasuwar Kurmi, ba ka isa ka cuce shi ba. Mai kaya zai sa suna, shi kuma ya taya, a ce masa albarka, ya ƙara, ya yi kamar zai wuce, a kira shi ya dawo, har a sallama. A can kowa yana faɗin kuɗi da bakinsa kuma ba wanda yake ganin rashin kunya ne. Amma a kasuwa akwai fuska da murya da dariya, akwai damar ka gyara magana nan take idan ka ga ran mai kaya ya ɓaci. Imel ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Shi ya sa mutane suke kasuwa kashi biyu idan sun zo rubutawa: wasu kunya ta hana su ambaton adadi, wasu kuma su ambaci adadin a bushe, kamar masu bin bashi.

Abin da zai raba ka da duka biyun shi ne ka gane wanda kake rubuta wa saƙon. Jami'ar da ta turo maka tayin, a mafi yawan wurare, ba ita take da ikon ƙara maka kuɗi ba. Za ta ɗauki saƙonka ta tura wa shugaban sashen da zai ɗauke ka, ko mai kula da kuɗi, ko darakta, wanda ƙila bai taɓa ganin fuskarka ba kuma yana da saƙonni masu yawa a gabansa. Saƙonka shi ne takardar da za ta je da ita ta yi maka magana. Idan akwai adadi a ciki, da dalili, da alamar cewa da gaske kana son aikin, ka ba ta abin riƙewa. Idan babu, ka tura ta ne hannu rabbana.

Lissafin da ake yi kafin a taɓa madannai

Bari mu ƙaddara wata ma'aikaciyar lissafin kuɗi ce a Kano, shekararta shida tana aiki, albashinta Naira 380,000 a wata kafin a cire komai. Wani kamfani a Abuja ya yi mata tambayoyi, ta ci, ya turo tayin Naira 450,000 a wata. Kallo ɗaya za ka yi ka ce an ƙara mata Naira 70,000. Ba haka abin yake ba, kuma a nan ne mutane da yawa suke faɗawa rami: adadin da ke kan takardar tayi jimillar albashi ne, ba abin da zai shigo a alat ba.

Abu na farko da za a cire shi ne fansho. Dokar fansho ta 2014 ta ce ma'aikaci zai ba da aƙalla kashi 8 cikin 100, mai ɗaukar aiki kuma aƙalla kashi 10, kuma ana lissafa shi ne a kan ainihin albashi da kuɗin gida da na sufuri. Don sauƙin lissafi mu ɗauka duka albashin nata cikin waɗannan ukun yake. Kashi 8 na Naira 450,000 shi ne Naira 36,000. Sai harajin albashi. A ƙarƙashin sabuwar dokar haraji da ta fara aiki a Janairun 2026, Naira 800,000 na farko a shekara babu haraji a kansu, Naira miliyan 2.2 da ke biye ana cire kashi 15, Naira miliyan 9 da ke bayansu kuma kashi 18. Idan aka bi wannan, harajinta a wata zai kama kusan Naira 57,000. Abin da zai shiga hannunta ke nan kusan Naira 357,000. Akwai rangwamen kuɗin haya da wasu ƙananan cire-cire da za su iya ɗan motsa adadin sama ko ƙasa, amma ba za su sauya hoton ba.

A aikinta na Kano, da irin wannan lissafi, Naira 304,000 take karɓa. Ashe ƙarin na gaskiya Naira 53,000 ne. To, ta tambayi 'yan uwa da ƙawayen da ke zaune a Abuja, ta lissafa bambancin haya da kuɗin mota zuwa ofis, ta ga za ta riƙa kashe ƙarin Naira 80,000 a wata. Idan ta amsa tayin yadda yake, ta bar garinsu ke nan ta koma inda za ta riƙa asarar Naira 27,000 duk wata.

Daga nan take fitar da adadi uku, kuma ɗaya kaɗai daga cikinsu zai shiga imel. Na farko shi ne ƙasa, wato inda idan ba a kai ba gara ta yi zamanta. A matakin harajin da take, duk Naira 100 da aka ƙara a jimillar albashi, kusan Naira 75 ce take isowa hannu. Don ta cike giɓin Naira 27,000 sai an ƙara kusan Naira 36,000, wato albashin ya kai Naira 486,000. Sai ta tsayar da ƙasanta a Naira 490,000. Na biyu shi ne abin da take buri, Naira 520,000, wanda zai bar mata kusan Naira 410,000 a hannu. Na uku shi ne abin da za ta nema, Naira 540,000, domin ta bar wa kamfanin wurin ragewa.

Roger Fisher da William Ury, a littafinsu na sasantawa da ya fito a 1981, sun jaddada cewa ƙarfin mai ciniki yana zuwa ne daga abin da zai koma wa idan ciniki bai faɗa ba. Ita wannan baiwar Allah tana da aikinta a Kano, don haka za ta iya tsayawa a kan ƙasanta ba tare da fargaba ba. Wanda ya shekara biyu yana neman aiki ba shi da wannan gata, kuma ba zan yaudare shi in ce yana da shi ba. Shi ma zai iya neman ƙari, amma ƙasansa shi ne tayin da aka yi masa, kuma dole saƙonsa ya kasance wanda zai iya janyewa daga gare shi cikin mutunci.

Naira 540,000 ɗin ma ba daga iska za ta ɗauko shi ba. Ta tambayi mutum biyu ko uku masu irin aikinta a Abuja, ba wai nawa suke ɗauka ba, domin wannan tambaya tana da nauyi a wurinmu, sai dai nawa ake biyan mai shekara shida a irin wannan kujera. Mutane sun fi sakin baki idan ba aljihunsu aka nufa kai tsaye ba. Ta kuma duba tallace-tallacen aiki da suka bayyana albashi. Adadin da za ka nema ya zama wanda idan aka ce "me ya sa?" kana da amsa da ba za ka sunkuyar da kai ba.

Me ya sa adadi ɗaya

A 1974 Amos Tversky da Daniel Kahneman sun wallafa wani gwaji. An juya wata ƙafar caca a gaban mutane, ta tsaya a kan 10 ga wasu, a kan 65 ga wasu, sannan aka tambaye su kashi nawa ne na ƙasashen Majalisar Ɗinkin Duniya ƙasashen Afirka ne. Waɗanda suka ga 10 sun yi hasashen kusan kashi 25, waɗanda suka ga 65 kuma kusan kashi 45. Lambar da ba ta da wata alaƙa da tambayar ta ja tunaninsu zuwa gare ta. Haka adadi yake yi a ciniki. Kamfanin ya riga ya kafa turkensa a Naira 450,000. Muddin ba ta kafa nata ba, duk maganar da za a yi a kewayen nasu za ta riƙa yawo, kuma ƙarin Naira 15,000 zai zama kamar alheri. Da zarar ta rubuta Naira 540,000, an sami turke biyu, maganar ta koma tsakaninsu.

Wasu suna ganin sun fi nuna sauƙin kai idan suka ba da tazara, su ce "tsakanin Naira 490,000 da Naira 540,000". Mai kula da kuɗi adadi ɗaya zai gani a wannan jumla, shi ne ƙaramin, kuma ka riga ka gaya masa ƙasanka da hannunka. Idan lallai sai ka ba da tazara, to ta fara daga abin da kake buri ta yi sama. Binciken Daniel Ames da Malia Mason na jami'ar Columbia a 2015 ya nuna irin wannan tazarar tana iya amfanar mai ita ba tare da ta ɓata dangantaka ba. Ni dai a imel na fi son adadi ɗaya, saboda ya fi sauƙin turawa sama da sauƙin amincewa.

Kuma a fayyace adadin sarai: a wata ne ko a shekara, kafin cire haraji ne ko bayan an cire. Rigima da yawa tsakanin sabon ma'aikaci da ofis a ƙarshen watan farko daga nan take tasowa. Shi yana nufin abin da zai shiga asusunsa, su suna nufin jimilla, kowa kuma yana da gaskiya a nasa fahimtar. Ka yi magana da ma'aunin da suka yi amfani da shi a takardarsu.

Ga saƙon

A mafi yawan kamfanoni da Turanci za a rubuta, amma ƙashin bayan saƙon ɗaya ne a kowane harshe. Ga yadda nata zai kasance:

"Assalamu alaikum, Hajiya. Na gode da takardar tayin da kika turo ranar Litinin. Na ji daɗin tattaunawar da muka yi da ku, musamman batun gyara tsarin rufe lissafin ƙarshen wata, kuma ina son in zo in yi wannan aikin.

"Abu ɗaya nake so mu daidaita kafin in sa hannu, shi ne albashi. Tayin Naira 450,000 ne a wata kafin cire haraji da fansho. Ina neman Naira 540,000 a wata, a kan wannan ma'aunin. Dalilina biyu ne. Na ɗaya, aikin ya haɗa da kula da ma'aikata uku da shirya takardun binciken kuɗi na shekara, waɗanda na shekara huɗu ina yi a inda nake. Na biyu, abin da na bincika game da irin wannan matsayi a Abuja ya nuna wannan adadin yana cikin abin da ake biya.

"Idan hakan ya yiwu, a shirye nake in sa hannu cikin wannan mako, in fara aiki ranar da kuka sa. Idan kuma akwai iyakar da tsarinku ya gindaya, don Allah ki sanar da ni mu ga yadda za mu ɓullo wa abin tare. Zan iya yin waya gobe ko jibi idan ya fi miki sauƙi. Na gode."

Gajere ne, kuma da gangan. Duba inda adadin ya zauna: a sakin layi na biyu, a jumla tasa shi kaɗai, ba a binne shi a ƙarshe bayan an gaji da karatu ba. Duba kuma abin da ya gabace shi. Kafin ta ambaci kuɗi ta riga ta faɗi cewa tana son aikin, har ta kawo wani takamaiman abu daga tattaunawarsu. Wannan ba ado ba ne. Babban abin da mai ɗaukar aiki yake tsoro shi ne ya je ya yi faɗi-tashi a sama ya samo ƙarin, sannan mutumin ya ƙi zuwa, ko ya ɗauki takardar ya kai wa tsohon ofishinsa don a ƙara masa a can. Jumlar "a shirye nake in sa hannu cikin wannan mako" ita take kashe wannan tsoro, kuma ita ce mafi tsada a cikin saƙon. Saboda haka kada ka rubuta ta sai idan da gaske kake, domin idan aka ba ka abin da ka nema ka dawo da sabuwar buƙata, ka zubar da mutuncinka da na wadda ta tsaya maka.

Akwai kuma abin da babu a saƙon. Babu maganar haya, ko kuɗin makarantar yara, ko jinyar mahaifiya. Hayar Abuja ita ce ta haifar da lissafin nata, gaskiya ne, amma mai kula da kuɗi ba zai iya rubuta "tana da nauyin iyali" a takardar amincewa ba, tunda kowa a ofishin yana da shi. Zai iya rubuta "za ta kula da mutum uku kuma tana da gogewar binciken kuɗi". Ba shi dalilin da zai iya sa wa hannu. Babu kuma neman afuwa. "Ki yi haƙuri da damun ki", "na san bai kamata in tambaya ba", "kada a ɗauke ni mai son kuɗi": duk waɗannan suna gaya wa mai karatu cewa kai kanka ba ka yarda da abin da kake nema ba. Godiya daban, ban haƙuri daban.

A ɗaya gefen kuma babu barazana. "Idan ba a kai Naira 540,000 ba ba zan zo ba" jumla ce da take rufe ƙofa a kan mutum biyu. Kamfanin ba zai so a ce an tilasta shi ba, ita kuma idan aka ba ta Naira 520,000, wanda shi ne burinta tun farko, ba za ta iya karɓa ba sai ta lashe amanta.

Batun murya yana da muhimmanci a nan fiye da yadda ake zato. Justin Kruger da Nicholas Epley da abokan aikinsu sun nuna a 2005 cewa masu rubuta imel suna cika yarda cewa za a gane ko wasa suke yi ko da gaske, alhali masu karantawa suna yawan kuskurewa. Kai kana jin muryarka a cikin kanka lokacin da kake rubutu, shi kuwa haruffa kawai yake gani. Don haka barkwanci da zolaya da gugar zana ba su da wuri a saƙon kuɗi. Gwajin da na fi yarda da shi mai sauƙi ne: kafin ka tura, karanta saƙon da ƙarfi da muryar mutumin da ransa yake ɓace. Duk jumlar da ta fito kamar gatse ko gori, cire ta. Idan kuma an yi tayin da yamma, ka kwana a kansa. Ka amsa nan take cewa ka gani, ka gode, za ka dawo da amsa ranar kaza, ka kuma cika ranar.

Idan amsa ta zo

Sau da yawa ba "e" ba ce, ba kuma "a'a" ba. Mu ce Hajiya ta dawo bayan kwana uku ta rubuta cewa ta yi magana da shugabanni, iyakar abin da za su iya a wannan matakin Naira 500,000 ne. Wannan ya haura ƙasanta da Naira 10,000, zai bar mata kusan Naira 395,000 a hannu, amma bai kai burinta ba. Kalmar da ya kamata ta lura da ita ita ce "matakin". Wurare da yawa, musamman manyan kamfanoni da ƙungiyoyin agaji da ke aiki da kasafin masu ba da tallafi, suna da rukunin albashi mai ƙasa da sama ga kowace kujera, kuma ƙetare shi yana nufin tayar da ƙura tsakanin sauran ma'aikata. Idan ta ci gaba da tura wannan bango ɓata lokaci ne. Sai ta juya zuwa abin da ba ya cikin albashin wata:

"Na gode ƙwarai da ƙoƙarin da kika yi, Hajiya, na kuma fahimci batun matakin. Zan karɓi Naira 500,000 a wata idan za a haɗa da abu biyu: kuɗin ƙaura Naira 400,000 sau ɗaya, da kuma sake duba albashin bayan wata shida idan an tabbatar da ni, a rubuta hakan cikin takardar. Da waɗannan zan sa hannu gobe in sha Allahu."

Kuɗin da ake biya sau ɗaya ya fi sauƙin fita daga hannun kamfani, saboda ba ya bin albashi har abada kuma ba ya ƙara musu nauyin fansho. Idan ka raba Naira 400,000 gida 12 za ka sami kusan Naira 33,000 a wata, wanda ya ɗaga shekararta ta farko sama da burinta, ko da yake ya kamata ta tambaya ko za a cire haraji a kai. Shi kuwa alkawarin sake dubawa, a san iyakarsa: alkawarin dubawa ne, ba na ƙari ba. Wanda yake son ya ɗaure shi sai ya nemi a rubuta adadin da za a koma da sharaɗin da zai cika.

Lura da cewa ta kawo buƙatun biyu tare. Mai fito da buƙata ɗaya-ɗaya, yau albashi, gobe kuɗin ƙaura, jibi hutu, yana gajiyar da mutane, kuma duk sabuwar buƙata tana nufin Hajiya ta sake hawa bene. Zagaye biyu ya isa a yawancin cinikin albashi. Na uku ya fara cin dangantakar da za ka zauna a cikinta shekaru.

Idan shiru aka yi fa? Shiru a imel ya fi komai tayar da hankali, kuma a nan ne mutum yake cinikin kansa da kansa: kwana biyu babu amsa, sai ya rubuta cewa "ko Naira 480,000 ma ba laifi". Ya rage farashi ba tare da an taya ba. Yawanci shirun ba fushi ba ne, mai sa hannun ne ya yi tafiya. Jira kwana uku ko huɗu na aiki, sannan ka tura layi biyu a ƙarƙashin saƙon farko, kana tambayar ko akwai ƙarin bayanin da suke buƙata, ba tare da ka taɓa adadin ba. Alamar da take nuna abu ya fara tsami daban ce: amsoshi sun gajarce, gaisuwa ta ɓace, an fara saka wani babba a layin CC, ko an maimaita maka jumla ɗaya sau biyu. Idan ka ga haka, bar madannai ka ɗauki waya. Michael Morris da abokan aikinsa sun gano a 2002 cewa 'yar gajeriyar hira ta waya kafin a shiga ciniki ta imel tana ƙara yarda tsakanin ɓangarorin biyu. Mu da muka san darajar gaisuwa ba ma buƙatar a yi mana dogon bayani a kan wannan. Sai dai duk abin da aka cimma a waya, a ranar ka rubuta shi a imel: "Kamar yadda muka yi magana ɗazu, mun tsaya a kan kaza da kaza."

Rubutu yana zama, kuma wannan kaifi biyu ne. Dokar shaida ta Najeriya ta 2011, a sashe na 84, ta buɗe ƙofar karɓar bayanan kwamfuta a kotu idan sun cika sharuɗɗa, don haka imel ba hirar bakin titi ba ce. Yana kare ka idan aka musanta alkawari. Yana kuma kama ka idan ka yi ƙarya. Masu ƙirƙiro tayin da babu shi daga wani kamfani, ko su kumbura albashinsu na yanzu, su sani ana iya cewa su turo takardar biyan albashi, kuma masu wannan sana'a a gari ɗaya sun san juna. Idan aka tambaye ka abin da kake ɗauka kuma ba ka son faɗa, kana iya cewa ka fi son a yi maganar a kan nauyin sabon aikin, ka maimaita adadinka. Wasu wuraren za su nace, sai ka faɗi gaskiya ka ƙara da dalilin da ya sa sabon aikin ya fi tsohon nauyi.

Ba ko'ina wannan hanya take aiki ba. A aikin gwamnati albashi yana bin mataki da rukuni ne, babu jami'in da zai ƙara maka Naira 40,000 saboda ka iya rubutu. Abin da za a iya magana a kai, idan ma akwai, shi ne matakin da za a ɗora ka bisa takardunka da shekarun aikinka. Haka ma shirin ɗaukar sababbin masu digiri da yawa a lokaci guda, kowa kuɗinsa ɗaya. Mai sayar da kaya ko mai kwangila kuwa zai iya ɗaukar tsarin saƙon yadda yake, sai dai nasa adadin yana buƙatar rakiya: ko harajin kaya na kashi 7.5 yana ciki, wa zai biya kuɗin mota, nawa za a ba da kafin alƙalami, da ranar da farashin zai daina aiki. A ƙasar da hauhawar farashi ta haura kashi 34 a ƙarshen 2024, farashin da ba a sa masa wa'adi ba bashi ne ka ɗaura wa kanka. Idan mai saye ya nemi ragi, kada ka rage kuɗi kawai. Rage wani abu tare da shi, ko yawan kaya, ko saurin kawowa, ko ka nemi a biya da wuri.

Saura mataki ɗaya da ɗoki yake sa a tsallake. Hajiya ta rubuto cewa an amince, an yi hamdala, an sanar da gida. Kada ka miƙa takardar ajiye aiki a tsohon wurinka tukuna. Nemi a turo sabuwar takardar tayi mai ɗauke da sa hannu, ka karanta ta layi-layi: sabon albashin da yadda aka rarraba shi, kuɗin ƙaura da ranar biyansa, watan da za a sake dubawa, ranar fara aiki, da tsawon lokacin gwaji. Idan wani abu da aka yi alkawari bai fito ba, mayar da ita cikin ladabi tare da saƙon da aka yi alkawarin a ciki, ka jira a gyara. Sai gyararriyar ta shigo hannunka sannan ka je ka yi sallama da tsohon ofis.